Jimla Ɗaya, Wajibai Goma: Yadda Ake Rarraba Dogon Sharaɗin Yarjejeniya

Ga wani sashe irin wanda ake samu a takardar hayar shago. Ni na tsara shi don wannan bayani, amma duk wanda ya taɓa karɓar irin wannan takarda daga hannun lauya ko dillali zai gane fuskarsa. Galibi da Turanci ake rubuta su a Nijeriya, a Nijar kuma da Faransanci, sai dai cutar ɗaya ce ko da wane harshe aka rubuta. A daure a karanta shi har ƙarshe:

"Ɗan haya zai biya kuɗin hayar shekara naira 600,000 a ranar 1 ga Janairu ko kafin ranar, kuma zai biya kuɗin wuta da na shara da duk harajin da ƙaramar hukuma ta ɗora wa shagon cikin kwana 14 da samun takardar biya, kuma zai kula da cikin shagon da ƙofofinsa da tagoginsa ya gyara duk abin da ya lalace a cikinsu ban da lalacewar da tsufa ko ruwan sama ya jawo, kuma ba zai ba wani hayar shagon ko wani ɓangare nasa ko ya rushe bango ko ya sauya irin sana'ar da ake yi a ciki ba sai da rubutaccen izinin mai shago, wanda ba zai hana izinin ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, da sharaɗin cewa idan ɗan haya ya saɓa wa ɗaya daga cikin waɗannan kuma bai gyara ba cikin kwana 30 bayan an ba shi rubutaccen gargaɗi, mai shago na iya karɓe shagonsa bayan ya bi hanyar da doka ta tanada."

Aya ɗaya ce tak a cikinsa, tana can ƙarshe. Kafin mai karatu ya iso gare ta ya manta farkon zancen, abin da ya rage masa a kai shi ne naira 600,000 da ranar biya. Sauran sai ranar da rigima ta tashi.

Kowa zai yarda cewa rarraba wannan jimla zuwa ƙananan sassa masu lamba zai sauƙaƙa karatu. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne aikin ya wuce gyaran fuska. Duk inda ka yanke layi ka sa lamba, ka yanke hukunci ne a kan wace kalma ke mulkin wace. Mai gaggawa yakan fito da takarda mai kyan gani wadda ta sauya yarjejeniyar, har wani ya yi asarar haƙƙinsa ba tare da an goge kalma ko ɗaya ba.

A ƙirga kafin a yanka

Aikin farko ba ya bukatar lamba ko kaɗan. Takarda daban za ka ɗauko, ka bi jimlar sannu a hankali kana tsayawa a kan kowane aikatau: biya, kula, gyara, ba da haya, rushe, sauya, hana, karɓe. A kan kowanne ka yi tambaya huɗu. Wa ake magana a kansa? Dole ne ya yi, ko an hana shi, ko dama kawai aka ba shi? Yaushe? Akwai togiya ko sharaɗi? Wannan hanya tsohuwa ce. Tun a shekarun 1840 wani lauyan Ingila mai suna George Coode ya nuna cewa kowace jimlar doka tana da wanda take magana a kansa, da aikin da ta ɗora masa, da yanayin da take aiki a ciki, da sharaɗin da sai ya cika, kuma masu tsara dokoki suna amfani da wannan rabo har yau.

Idan aka yi wa sashenmu wannan ƙidaya, ga abin da ke fitowa. Abubuwa shida ne dole ɗan haya ya yi: biyan haya, biyan wuta, biyan shara, biyan haraji, kula da shago, da gyara. Abubuwa uku aka hana shi: ba wani haya, rushe bango, da sauya sana'a. Tara ke nan. Na goman shi ne wanda ya fi saurin ɓacewa, domin ba a wuyan ɗan haya yake ba. Yana ɓoye cikin wani ɗan reshe da ya fara da "wanda": mai shago ba zai hana izini ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Jimlar ta fara da "Ɗan haya zai", don haka ido ya riga ya ɗauka duk abin da ke tafe nauyin ɗan haya ne. Wanda ya rarraba sashen a ƙarƙashin kan magana "Wajiban ɗan haya" zai rasa inda zai ajiye wannan reshe, kuma sau da yawa sai ya bar shi ya faɗi. Alhali shi ne kariya mafi tsada da ɗan haya yake da ita a sashen gaba ɗaya.

Bayan wajibai goma akwai dama guda ɗaya, wato ikon mai shago na karɓe shagonsa. Wannan dama ce, ba tilas ba, shi ya sa aka ce "na iya". Wanda ya mai da ita "zai karɓe" ya rufe ƙofar sulhu da jimlar asali ta bari a buɗe. Kuma damar tana da sharuɗɗa huɗu a gabanta: saɓawa, rubutaccen gargaɗi, wucewar kwana 30 ba gyara, da bin hanyar doka.

Ka rubuta waɗannan lambobi a gefe: shida, uku, ɗaya, sai dama ɗaya mai sharuɗɗa huɗu. Kamar mai juye buhun hatsi ne zuwa mudu-mudu. In ya gama, dole abin da ya auna ya sake cika buhun. Da su za ka auna aikinka a ƙarshe.

Wutsiyar da ba a san ta wa ce ba

A nan ne ainihin wahalar take, kuma a nan ya kamata a daɗe. Dubi wannan yanki: "kuɗin wuta da na shara da duk harajin da ƙaramar hukuma ta ɗora wa shagon cikin kwana 14 da samun takardar biya". Wa'adin kwana 14 ɗin nan, na haraji ne kaɗai, tunda shi yake maƙwabtaka da shi, ko na duka ukun ne? Jimlar ba ta faɗa ba. Tana iya ɗaukar ma'ana biyun, kuma muddin tana a dunƙule babu wanda ya tilasta mata zaɓi. Da zarar ka jera (i), (ii), (iii), zaɓi ya zama dole. In ka manna wa'adin a jikin (iii), ka ce wuta da shara ba su da wa'adi. In ka ɗaga shi sama zuwa layin da ke gabatar da jerin, ka ce ya hau kan duka.

Kotunan da ke bin tsarin shari'ar Ingila, har da namu, sun san wannan matsala sarai. Akwai ƙa'idar fassara da ke cewa bayanin da ya zo a ƙarshen jeri yana komawa ne ga na kusa da shi kaɗai, akwai kuma wata da ke cewa in jerin abubuwa ne iri ɗaya, bayanin yana hawa kansu duka. Kowane lauya zai ɗauko wadda ta dace da wanda yake karewa. Shi ya sa mai rarrabawa bai kamata ya yi canke ba. Ya sa alama a wurin, ya koma ga masu yarjejeniyar ya tambaye su abin da suka nufa. Wani lokaci ma tambayar ce ke tono abin da kowa ya manta: in shagon mitar kati gare shi, babu wata takardar biyan wuta da za a kawo, to daga yaushe za a fara ƙirga kwana 14?

Wutsiya ta biyu ta fi ta farko haɗari: "sai da rubutaccen izinin mai shago". A ce wani ya rarraba hanin haka cikin sauri: (a) ba wani haya, (b) rushe bango, (c) sauya sana'a sai da rubutaccen izinin mai shago. Bai ƙara kalma ba, bai rage ba, bai ma sauya jerinsu ba. Amma yanzu izini yana aiki a kan sauya sana'a ne kaɗai. Ba da haya da rushe bango sun zama haramun ɗungurungum, ko mai shago ya so ko bai so ba, kuma alkawarin da ya yi na cewa ba zai hana izini ba sai da dalili ya daina shafarsu. Ɗan hayan da ya so ya ba wani yaro mai gyaran waya kusurwar shagonsa don ya rage nauyin haya ya rasa madafa, saboda wurin da aka danna maɓallin sabon layi.

Kada a ɗauka wannan ƙananan takardu kaɗai yake samu. Sashe na 134(2) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 an riga an raba shi gida biyu: (a) ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa ƙuri'a, kuma (b) ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na dukkan jihohin tarayya da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Rabon ya tsaya a nan, bai shiga cikin (b) ba. Shin Abuja tana cikin jerin da za a ɗebi kashi biyu cikin uku daga ciki, ko kuwa sharaɗi ce mai zaman kanta wadda dole a sami kashi 25 a cikinta? Bayan zaɓen 2023, inda Bola Tinubu bai kai kashi 25 a Abuja ba, wannan tambaya ta zama ɗaya daga cikin manyan batutuwan ƙarar zaɓe. Kotun sauraron ƙarar ta yanke a ranar 6 ga Satumba 2023 cewa Abuja ba ta da wani matsayi na musamman, ana lissafa ta ne tamkar jiha, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a ranar 26 ga Oktoba. Ko mutum ya gamsu da hukuncin ko bai gamsu ba, abu ɗaya a fili yake: da masu rubutun sun ƙara rarraba (b) ɗin, da dole su zaɓi ma'ana ɗaya tun a kan tebur, ba sai an kwashe watanni ana ja-in-ja a kanta ba.

Irin wannan ta faru a jihar Maine ta Amurka. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, ta sa wa nau'o'in kayan abinci lamba 1, 2, 3 tsaf, amma ta bar ayyukan kansu a dunƙule cikin layi ɗaya. A ƙarshen layin ba a iya gane ko "rarraba kaya" aiki ne mai zaman kansa ko ci gaban "ɗaure kaya" ne, saboda babu waƙafi a tsakani. Direbobin kamfanin madara na Oakhurst suka ce su rarrabawa suke yi, ba ɗaurewa ba, don haka togiyar ba ta shafe su ba. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar tana da harshen damo, ta fassara ta yadda zai amfani ma'aikata, a 2018 kuma kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. An sa lamba a inda babu gardama, an bar inda gardamar take.

Yadda sashen ya koma

A ce an tambayi mai shago da ɗan haya, sun amince cewa kwana 14 na duka ukun ne, izini ma na duka ukun ne. Ga sashen bayan an rarraba shi:

5(1) Ɗan haya zai:
(a) biya kuɗin hayar shekara, naira 600,000, a ranar 1 ga Janairu ko kafin ranar;
(b) biya waɗannan, kowanne cikin kwana 14 da samun takardar biyansa:
(i) kuɗin wuta;
(ii) kuɗin shara, da
(iii) duk harajin da ƙaramar hukuma ta ɗora wa shagon;
(c) kula da cikin shagon da ƙofofinsa da tagoginsa; kuma
(d) gyara duk abin da ya lalace a cikinsu, ban da lalacewar da tsufa ko ruwan sama ya jawo.

5(2) In ba da rubutaccen izinin mai shago ba, an hana ɗan haya kowane ɗaya daga cikin waɗannan:
(a) ba wani hayar shagon ko wani ɓangare nasa;
(b) rushe bango;
(c) sauya irin sana'ar da ake yi a ciki.

5(3) Mai shago ba zai hana izinin da aka ambata a 5(2) ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

5(4) Mai shago na iya karɓe shagonsa idan duk waɗannan sun cika:
(a) ɗan haya ya saɓa wa ɗaya daga cikin abubuwan da ke 5(1) ko 5(2);
(b) an ba shi rubutaccen gargaɗi;
(c) kwana 30 sun cika bayan ba shi gargaɗin bai gyara ba, kuma
(d) mai shago ya bi hanyar da doka ta tanada.

A lura da inda aka ajiye duk abin da ya shafi jeri gaba ɗaya: a layin sama, kafin a fara lissafi. Can ne kaɗai ba zai maƙale wa na ƙarshe ba. Togiyar tsufa da ruwan sama kuwa an bar ta a jikin (d), domin gyara kaɗai ta shafa; da an ɗaga ta sama, da ta zama uzurin ƙin biyan haya ranar da rufi ya yi yoyo.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wani tarko na daban a 5(2). Korewarmu baki biyu gare ta, "ba zai … ba", kuma in aka buɗe ta a layin sama aka jera abubuwa uku a ƙasa, "ba" ta biyu ba ta da wurin zama sai a ƙarshen na uku. Mai karanta (a) shi kaɗai sai ya ga jimla guntuwa. Ko dai a maimaita "ba" a ƙarshen kowane layi, ko a yi abin da aka yi a nan, a ce "an hana". Gwajin mai sauƙi ne: karanta layin sama haɗe da kowane ƙaramin layi, ɗaya bayan ɗaya, da babbar murya. Duk wanda bai ba da cikakkiyar jimla ba, akwai gyara.

Sashe na 5(4) ma yana da labari. A jimlar asali an ce "ɗaya daga cikin waɗannan", kuma tunda komai a jimla ɗaya yake, kalmar ta haɗa duka. Bayan rarrabawa ba ta da wannan ƙarfi. Da an bar ta haka a ƙarƙashin 5(2), lauyan ɗan haya zai ce hani ukun nan kaɗai take nufi, rashin biyan haya ba ya ciki. Dole a cire ta a ambaci lambobin da sunansu. Haka kuma "duk waɗannan sun cika" da "kuma" ɗin da ke gaban (d) su ne ke hana mai shago ya ce sharaɗi ɗaya ya ishe shi. In aka sa "ko" a wurin, gargaɗi kaɗai ya zama lasisin kora. Shi kuwa (d) ba ado ba ne: a Nijeriya mai gida ba shi da ikon ɓalle kwado ya watso kayan ɗan haya waje da kansa, sai ya ba da sanarwar da doka ta ce, ya je kotu.

Akwai abin da da gangan ban taɓa ba. Jimlar asali ta ce "an ba shi" gargaɗi, ba ta ce wa zai bayar ba. Hannu yana ƙaiƙayin a gyara shi ya koma "mai shago ya ba shi", don ya fi tsafta. Amma da yawan masu shaguna wakili ne ko lauya ke rubuta musu irin wannan takarda, kuma wannan ɗan gyara zai ba ɗan haya hujjar cewa gargaɗin da wakili ya kawo bai inganta ba. Haka ma "ƙwaƙƙwaran dalili": magana ce mai faɗi, amma fayyace ta sabon ciniki ne tsakanin mutum biyu, ba aikin mai sa lamba ba. Ƙari ɓarna ne daidai da ragi.

Awo na ƙarshe

Yanzu a dawo ga lambobin da aka ajiye a gefe. A 5(1): haya ɗaya, biyan kuɗi uku, kula, gyara, shida ke nan. A 5(2) uku. A 5(3) ɗaya. A 5(4) dama ɗaya da sharuɗɗa huɗu. Lissafi ya fita. Sai a ɗauki tsohuwar jimlar da biro, a soke kowace kalma da aka samu a sabon tsari. Abin da ya rage ba a soke ba ya kamata ya zama "kuma" da "wanda" da "da sharaɗin cewa" kawai. In adadi ko rana ko "rubutacce" ya rage, an zubar da wani abu.

Ƙidaya kaɗai ba ta kama kowane kuskure, domin mun ga yadda ma'ana ke sauyawa alhali kalmomi suna nan cif. Don haka a gwada da labari. Ɗan haya ya makara da kuɗin shara kwana 20, an ba shi gargaɗi, ya biya bayan mako ɗaya: za a iya karɓe shagon? Tsohon rubutu ya ce a'a, sabon ma dole ya ce a'a. Ruwan sama ya ruɓar da ƙofa: wa zai gyara? Ba ɗan haya ba, a duka biyun. Mai shago ya ba da izinin rushe bango da baki a gaban shaidu: ya wadatar? A'a, rubutacce aka ce. Duk inda amsoshin biyu suka saɓa, ko dai kuskure aka yi, ko an taɓo wurin da masu yarjejeniyar suka zaɓi ma'ana da saninsu. Daga nan sai a duba sauran takardar, domin in wani sashe can gaba ya ce "kamar yadda sashe na 5 ya tanada", yanzu sai an tantance ko duka sashen yake nufi ko 5(4) kaɗai.

Duk wannan aiki kafin sa hannu ake yin sa. Takardar da aka riga aka sa wa hannu ba ta sauyawa don wani ɓangare ya sake tsara ta a gida. Abin da ka rarraba zai taimake ka ka gane nauyin da ke kanka da tambayoyin da za ka kai wa lauya, amma a gaban alƙali tsohuwar jimlar ce ke magana. In ku biyun kuna son sabon tsarin ya maye gurbinta, to ku rubuta a ciki cewa ya maye gurbin tsohon sashe na 5, ku sa kwanan wata, ku biyun ku sa hannu a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.